Yadda ake rubuta ma'anar kalma a ƙamus ɗin 'yan shekarar farko na tattalin arziki

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibin shekarar farko ne a fannin tattalin arziki. Mu biyar muke karatu tare, kuma mun ɗauki niyyar haɗa ɗan ƙamus na muhimman kalmomin kwas ɗinmu cikin bayani mai sauƙi. Amma duk ma'anar da muka rubuta, ko dai ta fito kamar kwafin littafi, ko kuma ta yi sauƙin da ba ta tsinana komai. Waɗanda suka taɓa yin wannan aiki, ta ina ake kama shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekaru ina yi wa 'yan shekarar farko bitar wannan kwas, kuma na haɗa irin wannan ƙamus har sau uku kafin na samu wanda hankalina ya kwanta da shi. Bari in fara da kuskuren da na tafka a na farko, domin daga nan na gane inda matsalar take.

A ƙarƙashin hauhawar farashi na rubuta "tashin farashin kaya", na wuce abina, ina ganin babu abin da ya fi wannan sauƙi. Bayan 'yan makonni wata ɗaliba ta kawo mini takardar gwajinta, ta ajiye a gabana, ta ɗora yatsa a kan tambaya ta huɗu. An tambaye su me ya faru da farashi idan hauhawa ta sauka daga kashi 10 zuwa kashi 6 cikin ɗari. Ta rubuta cewa kaya sun yi araha, aka ba ta sifiri. Ta ce, "Malam, ai abin da ke cikin ƙamus ɗinka na bi." Gaskiyarta ne, kuma abin ya dame ni sosai. Ma'anar da na ba ta ba ƙarya ba ce, amma ta bar ƙofa a buɗe, ita kuma ta shiga ta ƙofar.

A daren na sake rubuta ta kamar haka: hauhawar farashi ita ce saurin da farashin kaya da ayyuka a dunƙule yake ci gaba da tashi, ana auna ta da kashi cikin ɗari, galibi a shekara. Sai na sa misali. Idan ma'aunin farashi yana kan 100, hauhawar kashi 10 za ta kai shi 110. Shekara ta gaba idan hauhawar ta sauko kashi 6, ma'aunin zai koma 116.6. Ka ga har yanzu sama yake yi, gudun ne kawai ya ragu. A ƙarshe na ƙara layi ɗaya: wannan ba tashin farashin abu guda ba ne, kuma raguwar hauhawa ba faɗuwar farashi ba ce.

Tun daga ranar kowace kalma a ƙamus ɗina da ƙafa uku take tsayawa: jimla ɗaya ta ma'ana, misali ɗaya mai lambobi, da layin da nake kira "ba shi ne ba". Na ukun nan shi ne ba a cika samu a jerin kalmomin da ke bayan littattafai ba, alhali shi ne yake ceton maki. Dalili kuwa, yawancin kalmomin wannan fanni arowa aka yi daga maganar yau da kullum, aka ba su ma'ana matsattsiya. Ɗalibi yakan zo da tsohuwar ma'anar a kansa, idan ba ka kore ta da sunanta ba, tana nan zaune.

Wurin da za ku fi shan wuya shi ne dimand, wadda muke fassarawa da buƙata. Ku yi hattara da wannan fassarar, domin a bakinmu mai buƙata shi ne wanda ya rasa, alhali a wannan fanni son abu ba ya shiga lissafi sai mutum yana da niyyar saye da kuma ikon biya. Ko wannan ma bai isa ba. Dimand ba lamba ɗaya ba ce, jerin amsoshi ce gaba ɗaya: idan farashi kaza ne mutane za su sayi kaza, idan ya koma kaza za su sayi kaza, a cikin wani lokaci ƙayyadajje, muddin sauran abubuwa suna nan yadda suke. Shi kuwa adadin da ake nema amsa ɗaya ce tak daga cikin jerin, a kan farashi ɗaya. A giraf, dimand ita ce layin duka, adadin da ake nema kuma ɗigo ɗaya a jikin layin.

Ku rubuta kalmomin nan biyu a shafi ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da misali guda. A ce littafin rubutu ne, ana sayar da guda 200 a mako idan farashinsa 50. Farashin ya koma 55, cinikin ya sauka zuwa 170. Dimand ba ta motsa ba, tafiya aka yi a kan layin, adadin da ake nema ne ya ragu. Amma idan farashi yana nan a 50, sai kuɗin shigar masu saye ya ƙaru har aka riƙa sayen 240, to layin ne kansa ya gusa dama, a nan ne ake cewa dimand ta ƙaru. Layin "ba shi ne ba" zai ce: canjin farashin abin kansa ba ya gusar da layin. Abin da ke gusar da shi su ne kuɗin shiga, da farashin wasu kayan da ke da alaƙa da shi, da sha'awar mutane, da yawansu, da abin da suke tsammani nan gaba. Na sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya rubuta cewa farashi ya tashi don haka dimand ta faɗi, don haka farashi ya sauka, don haka dimand ta tashi, yana ta zagaye har takarda ta ƙare. Rashin raba kalmomin nan biyu ne kawai ya jawo masa.

Kada ku jefar da waɗannan lambobi, ku wuce da su zuwa ilastisiti, kalmar da masanin tattalin arziki Alfred Marshall ya yaɗa a littafinsa na 1890. Da bakinmu, ita ce gwargwadon yadda masu saye suke zabura idan farashi ya motsa. A nan dole fomula ta shiga, kuma ku rubuta ta daidai yadda malaminku yake rubutawa a allo:

Ed = %ΔQd ÷ %ΔP

Wato canjin adadin da ake nema da kashi cikin ɗari, a raba shi da canjin farashi da kashi cikin ɗari. Daga 50 zuwa 55 ƙarin kashi 10 ne. Daga 200 zuwa 170 ragin kashi 15 ne. Ka raba, ka samu −1.5, wanda galibi ake karantawa 1.5 ba tare da alamar ragi ba. Tunda ya haura 1, masu saye sun ja da baya fiye da yadda farashin ya tashi. Ga hanyar tabbatarwa da nake so ku sa a ƙamus ɗin: kuɗin da mai sayarwa ya tara a da 50 sau 200 ne, wato 10,000, yanzu kuma 55 sau 170, wato 9,350. Ya ƙara farashi, abin da ya shigo hannunsa ya ragu. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba ya sake mantawa da abin da 1.5 take nufi. Abu ɗaya da za ku tambayi malaminku shi ne ko yana so a lissafa kashin daga lambar farko, kamar yadda na yi a nan, ko daga tsakiyar lambobin biyu, domin amsar takan ɗan bambanta. Wadda yake bi ita za ku sa. Layin ƙarshe kuma ya ce ilastisiti ba gangaren layi ba ce, tunda a miƙaƙƙen layin dimand mai gangarowa gangaren ɗaya ne ko'ina, ita kuwa tana canzawa daga sama zuwa ƙasa.

Zuba jari ma kalma ce da aka matse ma'anarta a wannan fanni. A cikin fomular GDP, wato jimillar darajar kaya da ayyukan da ƙasa ta samar, GDP = C + I + G + (X − M), harafin I shi ne zuba jari, kuma yana nufin sababbin injuna da gine-gine da ƙarin hajar da kamfanoni suka tara. Sayen hannun jari daga wani ba ya ciki, domin takarda ce ta sauya hannu, ba a samar da sabon abu ba.

Game da zaɓen kalmomi, kada ku kwashe duk abin da ke bayan littafi. Ku tattaro tambayoyin jarrabawar shekarun baya da takardun lacca, ku ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da in ba ka san ta ba ba za ka iya amsa tambayar ba. Ni nawa bai taɓa wuce kalma saba'in ba a zango ɗaya, kuma a ciki kamar goma sha biyar ne suka cinye rabin lokacina. Sauran, irin su haraji da tallafi, layi biyu ya ishe su. Ba na son jerin abacada a irin wannan aiki, domin yana raba kalmomin da ya kamata a gan su tare. Ku jera su yadda kwas ɗin ya zo, kuma ku kafa doka cewa ba za a yi amfani da wata kalmar fanni a cikin ma'ana ba sai an riga an bayyana ta a baya. Da wannan dokar za ku kama ma'anoni masu cizon wutsiyarsu, inda ake bayyana daidaiton kasuwa da farashin daidaito, a kuma bayyana farashin daidaito da daidaiton kasuwa. A gefen kowace kalma ku ajiye sunanta kamar yadda yake fitowa a takardar jarrabawa, don kada ɗalibi ya san abu amma ya kasa gane shi a ranar.

Tunda ku biyar ne, ga yadda za ku gane ko ma'ana ta nuna. Wanda ya rubuta ba shi zai gwada ba. Ya miƙa wa wani daga cikinku takardar, tare da tsohuwar tambayar jarrabawa ɗaya, a rufe littafi. Shi marubucin ya zauna ya yi shiru, ko da bakinsa yana ƙaiƙayi. Idan mai karatun ya amsa daidai da abin da ke takardar kaɗai, ta wuce. Idan ya kuskure, kada a gyara masa da baki, a tambaye shi wace kalma ce a cikin ma'anar ta kai shi can, a zagaye ta da jan biro, a sake rubuta jimlar. Ma'anar dimand da na ba ka a sama, sau huɗu tana dawo mini da jan biro. A karo na ƙarshe abin da ya rage shi ne "a cikin wani lokaci ƙayyadajje", domin wani ɗalibi ya tambaye ni ko guda 200 ɗin na rana ne ko na shekara, na duba takardata na ga ban faɗa ba.

Ku fara da waɗannan biyun, dimand da adadin da ake nema. Idan kun rubuta, ku turo nan in duba muku kafin ku shiga safulai, wato ɓangaren masu sayarwa, tunda irin wannan rabuwar ce za ku sake tararwa a can.