Goge lamba a teburin hash: me ya sa cenin ya yarda, ofen adiresin ya ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen kimiyyar kwamfuta, a nan Gusau. A tes ɗin data sitirakca an ba mu tebur mai gurbi 11 da `h(k) = k mod 11`, aka ce mu zuba 22, 33, 45, 44, 16, sannan mu goge 33, da cenin da kuma liniya furobin. Na cire 33 na bar gurbinta fayau a duka biyun. Na cenin na ci, ɗayan aka ba ni sifili. Mai yi mana tutoriyal ya ce aikina daidai ne, malamin ne kawai ke da mugunta. Jarrabawa ta matso, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ina kuskuren?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya kuɓuce miki guda ɗaya ne, kuma gara da ya fito a tes. Amma malaminku bai zalunce ki ba. Mai tutoriyal ɗin ne ya sa ki a hanyar da ba ta ɓullewa.

Mu fara da cenin, tunda shi ba ya da wahala. Lambobin 22, 33 da 44 duk suna ba da 0, saboda haka suna rataye a sarƙa ɗaya a gurbi na 0. Ita 45 tana gurbi na 1, 16 kuma a gurbi na 5. Idan kin cire 33, sai ki ƙulla foyintar da ke gabanta da ta bayanta, shi ke nan. Babu wata lamba da ta taɓa barin gurbin da hash ya ba ta, don haka fitar ɗaya ba ta taɓa sauran.

A ofen adiresin kuwa babu sarƙa, kowane gurbi lamba ɗaya yake ɗauka, wadda ta tarar an riga ta dole ta nemi wani wurin a cikin teburin. Da liniya furobin, wanda nau'i ne na ofen adiresin, 22 ta zauna a 0. Da 33 ta zo ta tarar da ita, sai ta matsa zuwa 1. Ita 45 gurbinta na asali 1 ne, amma 33 ta tare shi, sai ta tafi 2. Ki lura da wannan sosai: hash ɗin 45 da na 33 ba ɗaya ba ne, amma duk da haka sun yi karo. Sai 44, ta duba 0, ta duba 1, ta duba 2, ta sauka a 3.

```
gurbi:   0    1    2    3    4    5
lamba:   22   33   45   44   -    16
```

To ta yaya ake neman lamba a irin wannan tebur? Ana farawa daga gurbin da hash ya nuna, a riƙa matsawa gaba, a tsaya a ɗaya daga cikin wurare biyu: inda aka ga lambar, ko inda aka ci karo da gurbin da babu kowa. Dalilin tsayawa a gurbin da ba kowa shi ne, da a ce lambar tana cikin teburin, da lokacin da aka zo saka ta nan za ta zauna, ba za ta tsallake wuri a buɗe ta wuce ba. Duk ginin ofen adiresin a kan wannan hujja yake tsaye.

Yanzu ki dubi abin da kika yi. Kin share gurbi na 1. A nemi 44: gurbi na 0 akwai 22, ba ita ba ce, gurbi na 1 ba kowa, sai a tsaya a ce babu 44. Alhali ga ta nan zaune a gurbi na 3. A nemi 45: ana taɓa gurbi na 1 a tarar ba kowa, tun a duban farko a ce babu ita. Lamba ɗaya kika yi niyyar gogewa, uku suka ɓace.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da wannan kuskure shi ne ba ya ihu. Manhajar ba za ta tsaya ba, babu jan rubutu a allo, komai zai ci gaba kamar lafiya lau. Ki ɗauka waɗannan lambobin rajistar ɗalibai ne. An cire mai lamba 33 saboda ya bar makaranta. Gobe mai lamba 44 ta zo, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Ma'aikacin ya sake shigar da ita, sai ta faɗa gurbi na 1, tunda yanzu a buɗe yake. Ga 44 guda biyu a tebur ɗaya, ɗaya a 1, ɗaya a 3, kowace da bayananta daban. Ranar da aka goge ta gurbi na 1 sannan wata lambar ta zauna a wurin, ko aka sake gina teburin, tsohuwar na iya sake fitowa da tsohon bayani, a rasa daga ina ta ɓullo. Kuma wanda ya gwada manhajarsa da lambobi uku ko huɗu da ba su yi karo ba, ba zai taɓa ganin matsalar ba. Shi ya sa kowane zango nake cin karo da wannan kuskure a takardun ɗalibai, sau da yawa da kalmomi iri ɗaya sak, wanda ke nuna daga handawut ɗaya aka haddace shi.

Gyaran da ake so a jarrabawa shi ne kada ki mayar da gurbin babu kowa, ki sa masa alama ta musamman, `DELETED`, wadda wasu littattafai ke kira tumston. Kenan kowane gurbi yana da hali uku: akwai lamba, ba a taɓa zama ba, ko an zauna an tashi. Mai nema idan ya tarar da alamar, wucewa zai yi.

```
i = h(k)
while T[i] != EMPTY:
    if T[i] == k: return i
    i = (i + 1) % m
return NOT_FOUND
```

Wannan yana aiki ne muddin `DELETED` daban take da `EMPTY`, kuma akwai aƙalla gurbi ɗaya da ba a taɓa zama ba. In babu, kuma lambar da ake nema ba ta cikin teburin, zagaye zai yi ta yi har abada, sai dai ki ƙirga, ki tsaya bayan dubawa `m`.

Akwai tarko na biyu a wurin sakawa, kuma nan ma masu ƙoƙari ke zamewa. Gurbin da ke da alama ana iya sake amfani da shi, amma ba da zarar an gan shi ba. A ce an zo saka 55, wadda ita ma ke ba da 0. Ki duba 0, akwai 22. Ki duba 1, alama ce, sai ki riƙe wannan gurbin a ranki ki ci gaba: 2, 3, har 4 inda ba kowa. Yanzu kin tabbatar babu 55 a teburin, sai ki dawo ki ajiye ta a 1. In kika yi gaggawar sakawa a alamar farko, to da 44 aka ba ki maimakon 55, kin sake haifar da tagwayen nan da muka gani.

Alamar ma ba kyauta ba ce. A wurin mai nema, gurbi mai alama kamar cikakken gurbi ne, dole ya taka shi ya wuce. Don haka in kina lissafin lod fakta, wato `α = n/m`, domin sanin tsadar nema, alamomin suna cikin ƙidaya. Kuma liniya furobin ba ya yafe cikar tebur. Lissafin Donald Knuth na neman lambar da babu ita ya ba da kimanin `½(1 + 1/(1−α)²)`. Idan tebur ya cika rabi, dubawa 2.5 kenan. Idan α ta kai 0.9, sai ya haura zuwa 50.5, saboda lambobi suna dunƙulewa wuri ɗaya, kuma dunƙulen da ya yi tsawo shi ke ƙara jawo wasu. A cenin, a wannan α ɗin, aikin kusan `1 + α` ne kawai, wato 1.9, kuma α na iya wuce 1, abin da ba ya yiwuwa a ofen adiresin. Tebur da ake yawan sakawa da gogewa zai iya zama da lambobi kaɗan amma yana jan ƙafa kamar cikakke. In kin ga haka, alamomi ne suka taru, maganin kuma a sake gina teburin da lambobin da ke raye kaɗai.

In mai jarrabawa ya ce a goge ba tare da alama ba, akwai hanya, amma liniya furobin kaɗai ta dace da shi. Bayan cire 33, ki dubi gurbi na 2: asalin 45 gurbi na 1 ne, sai ki dawo da ita can. Ramin ya koma 2. Ita 44 asalinta 0 ne, hanyarta ta bi ta kan 2, sai ki jawo ta. Gurbi na 4 ba kowa, sai ki tsaya. Wadda ke zaune a gurbinta na asali ba a taɓa ta. A dobul hashin ba za ki iya wannan ba, domin kowace lamba da tsawon takunta, ba ki san su waye suka bi ta kan gurbin da kika share ba.

Idan aka ce ki kwatanta su biyun, kada ki rubuta wai ɗaya ya fi ɗaya ki yi shiru. Cenin ya fi sauƙin gogewa da jure cika, amma yana cin wuri saboda foyintoci. Ofen adiresin yana ajiye komai jere a wuri ɗaya, shi ya sa yake da sauri idan tebur bai cika ba. Manyan harsuna ma sun rabu a kan haka. `HashMap` na Java cenin yake yi, yana faɗaɗa tebur idan cika ta wuce 0.75. `dict` na Python kuwa ofen adiresin ne, ba ya barin tebur ya wuce kashi biyu cikin uku, kuma in an goge abu alama yake bari a gurbin. Dukansu `O(1)` ne a matsakaicin hali, amma a tebur irin na jarrabawarku in duk lambobi suka faɗa gurbi ɗaya, `O(n)` ne.

Shi kuma mai tutoriyal, ki kai masa wannan teburin da gurbi na 1 a share, ki ce ya nemo miki 44 a gaban 'yan aji, taki bayan taki. Ina jin haushin masu karɓar kuɗin yara suna karanta musu abin da su kansu ba su taɓa bugawa a kwamfuta ba, in yaro ya faɗi kuma su ɗora wa malami laifi. Wanda ya karɓi kuɗi don ya koyar, amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi. Ki faɗa wa sauran da kuke zuwa wurinsa tare kafin ranar jarrabawa, don na tabbata ba ke kaɗai kika rubuta wannan amsar ba. Allah ya ba da sa'a.