Gem ɗin ƙwallo: mai kama da na gaske ko mai saurin wasa?

Tambaya: Ina son ƙwallo, amma sai ƙarshen mako nake samun damar buga gem da hannun gem. Wanne ya fi dacewa da ni, irin su EA Sports FC ko masu sauƙin dokoki?

Amsa: Ɗauki mai kwaikwayon ƙwallon gaske, wato EA Sports FC ko eFootball, amma ka gyara saitinsa kafin wasan farko. Tunda kana kallon ƙwallo, ka riga ka san satar gida da lokacin da ya kamata a ba da fasin, kuma wannan sanin zai yi maka aiki kai tsaye.

A irin wannan gem, ɗan wasa yana da nauyi. Yana gajiya, ba ya juyawa nan take, ƙwallo kuma tana kuɓuce masa idan ya karɓe ta a guje. Nan ne sababbi suke shan wahala: sai su danne R2, maɓallin gudu na EA Sports FC a hannun PlayStation, tun daga farkon wasa har ƙarshe. Mai gudu yana tura ƙwallo nesa da ƙafarsa, mai tsaron baya ya ƙwace cikin sauƙi, kafin minti na 70 kuma 'yan wasanka sun galabaita. Saki R2, ka riƙa danna shi sai in akwai fili a gabanka. Haka ma shot: idan ƙwallonka na yawan haurawa saman raga, ka daɗe kana danne maɓallin da'ira ne. Kusan rabin ma'aunin ƙarfi ya isa a cikin da'irar yadi 18.

A EA Sports FC, shiga Controller Settings ka bar fasin da shot a kan Assisted, wato kwamfuta ta taya ka saiti, sannan a Game Settings ka sa wahalar wasa a Semi-Pro. Idan ka fara cin kwamfuta da ratar ƙwallo uku a kai a kai, koma Professional. In maɓallan sun yi maka yawa, akwai tsarin Two Button. Shi kuwa eFootball kyauta ake sauke shi, don haka gwada shi ba zai ci maka kuɗi ba.

Ɗaya ɓangaren fa? Mario Strikers: Battle League na 2022 'yan biyar-biyar ne, babu fawul, babu satar gida, wasa na ƙarewa cikin 'yan mintuna. Idan da yara ko baƙin da ba su taɓa riƙe hannun gem ba za ka buga, shi ya fi, sai dai a Nintendo Switch ake samunsa. Kada ka ɗauka duk irinsu masu sauƙi ne. Rocket League, inda motoci ke buga ƙwallo, ya fi FC wuyar koyo, domin babu maɓallin fasin, kai za ka saita kowane bugu.

Ko wanne ka zaɓa, idan ka ga ɗan wasa na jinkirin amsa umarni, kunna Game Mode a talabijin, ka haɗa hannun gem da kebul na USB.