Omo ko sabulun ruwa: amsar da Anti ta turo da murya

Tambaya: "Anti, don Allah wanne ya fi a wankin hannu, omo ko sabulun ruwa? Kuma nawa ake zubawa? Ni dai ƙaramar leda ɗaya nake juyewa a baho, amma baƙaƙen hijabaina sai su bushe da farin zane-zane."

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, ina gajiya, ya yara? To, wannan farin zanen omo ne da bai narke ba, ko kuma ya yi yawa ɗauraya ta kasa fitar da shi. Leda guda a baho ɗaya ta yi yawa wallahi, sai dai in bahon babba ne sosai.

Ga awon da nake bi. Bokitin nan na lita 10, in ruwa ya kusa cika shi, cokalin cin abinci biyu na omo ya isa kayan da aka sa sau ɗaya ko sau biyu. In yunifom ɗin yara ne da suka yi birgima a jar ƙasar nan tamu ta Zariya, ki kai uku. Sabulun ruwa kuwa, in na kamfani ne mai kauri, shi ma kamar cokali biyu ne, amma ki duba bayan robar don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ki ware tsohon cokali ki bar shi cikin robar omo, domin awo da tafin hannu kullum wucewa yake yi.

Sannan, don Allah ki saurari wannan, kada ki barbaɗa omo a kan kaya. Ruwa ake fara zubawa, a sa omo, a kaɗa da hannu har sai kin shafa gindin bokitin ba ki ji tsaki-tsaki ba, kana a tsoma kaya. Lokacin hunturu da ruwan randa ke yin sanyi kamar ƙanƙara, omo ba ya narkewa da wuri. Sai ki dama shi a kofi da ɗan ruwan ɗumi ki juye a ciki.

Batun wanne ya fi, ya danganta da irin dattin. Omo yana da sinadari mai kaifi irin na kanwa, shi ya sa yake cin ƙasa da taɓo da dauɗar wuyan riga, kuma shi ya sa yake cin hannu. A ce fararen yunifom biyar ne. Ki fara tsoma su a ruwa zalla ki matse, ƙurar ta fita, kar ki ɓata omonki a kan ƙasar da ruwa kaɗai zai ɗauke. Sai ki jiƙa su a wancan haɗin na cokali uku minti 20 zuwa 30. Wuya da bakin hannu ki goga musu sabulun wanki ki cuɗa. Jiƙon nan shi ke yin rabin aikin, ba ƙarin omo ba.

Amma baƙin hijabi, abaya, atamfa mai zuba, shadda, kayan jarirai, nan sabulun ruwa ya fi. Ba ya barin gari, yana saurin fita a ɗauraya, kuma bai kai omo koɗar da launi ba. Su kuma ba a daɗe da jiƙa su. In manja ko maiƙon miya ya zuba a riga, ki ɗiga sabulun ruwan a wurin tun rigar tana bushe, ki murza, ki bar shi kamar minti goma. Sai dai ki lura, wanda ake haɗawa a gida a ɗura a robar ruwa, yawanci na wanke-wanke ne. Wani an tsinka shi da yawa, wani kuma soda ta yi masa yawa har ya sa yatsu saɓa.

Kumfa kuma kada ta ruɗe ki, ba ita ke wanki ba. Ki duba ɗauraya. In kin ɗauraye sau biyu har yanzu kaya na santsi, ruwa na kumfa, kin zuba da yawa, kuma kin jawo wa kanki ƙarin jarka wajen mai kura. Ragowar sabulun nan ke sa kaya su bushe ƙandas, yara su yi ta susa. In kuwa kina tsoma kaya kaɗan santsin ruwan ya ɗauke gaba ɗaya, ya yi kaɗan, ko ruwan rijiyarku mai zartsi ne da ke kashe sabulu. A irin wannan ruwan omo ya fi jurewa, ki ƙara rabin cokali. Ruwan da ya riga ya yi baƙi kuma zubarwa ake yi a haɗa sabo, ƙara masa omo asara ce.

Hijaban da suka riga suka yi zanen ba sai kin sake wanke su ba. Ki jiƙa su a ruwa zalla mai ɗan ɗumi minti goma, ki ɗauraye, ki juya su bai-bai ki shanya a inuwa. Ki gwada ki gaya mana yadda suka fito. A gaida maigidan.