Sayen hannun jari da bashin dillali

"Dillalina ya ce zai ranta mini kuɗi in ninka hannun jarin da nake saya. Idan farashi ya faɗi, ba sai in yi haƙuri ya tashi ba?"

Haƙurin ba a hannunka yake ba, ɗan'uwa, domin hannun jarin ne jinginar bashin. A ce ka zuba 10,000, ya ranta maka 10,000, ka sayi na 20,000, da sharaɗin rabonka kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na darajar kayan. Farashi ya faɗi, kayan suka koma 14,000. Bashi bai ragu ko kaɗan ba, kuɗin ruwa ma na hawa. Naka ya zama 4,000, alhali sharaɗi na neman 4,200.

Nan zai kira ka. Ko ka kawo 200, ko ya sayar da kayan kusan 670 ya rage bashi, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun ba shi damar sayarwa ba tare da ya jira ka ba. Abin haushin, masu bashi irinka duk a lokaci guda ake tilasta musu sayarwa, farashi ya ƙara rushewa, kira na biyu ya biyo. Idan darajar kayan ta faɗi ƙasa da 10,000 dare ɗaya, jarinka ya tafi, ana kuma bin ka ciko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cin bashi har iyakar da aka yarje. Kafin ka sa hannu, kai wa mashawarcin kuɗi mai lasisi takardar ya duba sharaɗin sayarwar.