Albashi ɗaya, Kano ko Abuja?

"Jama'a, ina aiki a Kano, albashina dubu 300 ne bayan an cire haraji da kuɗin fansho. An yi min tayin komawa Abuja a kan wannan kuɗin, ba ƙari. Ina da mata da yara biyu. Yaya zan gane ko zai riƙe ni?"

Malam, ka ɗauki biro da takarda ka fara da haya da kuɗin mota, kuma ka haɗa su wuri guda, domin a Abuja ɗaya ne ke cin ɗaya. Gidan da ke da sauƙi yana nesa da wurin aiki, a Mararaba, Nyanya, Lugbe, Kubwa ko Suleja, abin da ka rage a haya kuma sai ka zuba shi a hanya. Mararaba ma a jihar Nasarawa take, Suleja a jihar Neja, amma nan ma'aikatan Abuja da yawa ke kwana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ba a raina shi a lissafi.

Ga misali, amma ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan. A ce a Kano kana biyan dubu 600 a shekara, wato dubu 50 a wata, kuma adaidaita sahu na cin dubu ɗaya a rana. A kwanakin aiki 22, dubu 22 ke nan. Jimilla dubu 72, saura dubu 228 a hannunka. A ce irin wannan gidan a Mararaba miliyan 1 da dubu 200 ne, wato dubu 100 a wata, zuwa da dawowa kuma dubu 3 kullum, dubu 66 a wata. Jimilla dubu 166, saura dubu 134. Ka ga dubu 94 sun tafi tun kafin a ɗora tukunya. Idan ba a ƙara maka aƙalla wannan giɓin ba, rage maka albashi aka yi.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne kuɗin shiga gida. Hayar shekara ake biya gaba ɗaya, wasu masu gidan ma shekara biyu suke nema. Dillali yakan karɓi kashi 10 cikin 100, lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma yakan karɓi kamar haka, sannan a ajiye kuɗin ko-ta-kwana saboda ɓarna. A misalinmu, haya da kason dillali da na lauya sun kai miliyan 1 da dubu 440, kusan albashin wata biyar, ban da motar kwasar kaya da kuɗin sabuwar makarantar yara. Wanda ya ranto wannan kuɗi ya raba bashin gida 12 ya ɗora a kan hayar wata, in ba haka ba lissafinsa ƙarya ne. Don haka ka tambayi wurin aikinku a rubuce: akwai alawus na sauyin wuri ko na gida? Nawa ne, kuma yaushe ake biya?

Kada ka karɓi kuɗin mota daga bakin dillali, zai ce maka gidan kusa yake. Ka je da kanka ranar Litinin, ka taso daga unguwar da ƙarfe shida na safe, ka ƙirga hawa nawa za ka yi da awa nawa. Hanyar Nyanya zuwa shataletalen AYA da ke cikin birnin Abuja ta yi suna wajen cunkoso, kuma a tsakiyar birni an hana acaɓa, sai tasi ko bas. Wanda ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i a waje zai ci abincin rana, sau 22 a wata. Wannan ma ka rubuta shi.

Batun cefane bai kai haya nauyi ba, amma a auna shi da kyau. Uwargida ta lissafa abin da gidan ke ci a wata, shinkafa, masara, wake, mai, nama, kayan miya da iskar gas, sai wani amintacce ya tambayo farashin kowanne a kasuwar unguwar da za ku zauna, a mako ɗaya da ka tambaya a Kano. Ka kula da ma'auni, domin kwanon Kano ya fi mudun da ake awo da shi a Abuja girma. A kilo ko buhu za ka kwatanta. Kuma kana barin kasuwannin Dawanau da 'Yankaba a bayanka, tare da buhun da wataƙila ake aiko maka daga gona.

Ka tambayi maƙwabtan gidan ko famfo na kawo ruwa ko sai 'yan garuwa, da kuma rukunin da mitar wutar take, domin tun Afrilun 2024 Band A ya fi sauran tsada sosai. Sai zuwa gida: sallah biyu, biki, suna da gaisuwar rasuwa, kuɗin motar mutum huɗu zuwa da dawowa. Ka raba wannan ma gida 12.

Shawarata, in lissafin ya zo kunnen doki, ka fara tafiya kai kaɗai na wata biyu ko uku, ka sauka wurin ɗan'uwa, kana rubuta duk abin da ka kashe. Kada ka saki gidan Kano sai ka ga abin da ke saura a ƙarshen wata na biyu.