Ɗigo da layi a hoton sama: wane ne wane?

Tambaya: Malam, na ɗauki hoton sama da salula a Tawa, tsakanin magariba da isha'i, ina fuskantar yamma. Na kafa ta a kan katanga na ba ta sakan 10. Na ga ɗigo ɗaya mai tsananin haske, da ƙananan ɗigogi, da wani farin layi miƙaƙƙe. Wanne ne tauraro, wanne ne duniya irin su Zara, wanne ne tauraron ɗan adam?

Amsa: Malam, fara da layin, don shi ya fi sauƙin warwarewa. Juyawar duniyarmu tana sa taurari su gusa digiri 15 a awa ɗaya, wato a sakan 10 ko kashi ɗaya cikin 20 na digiri ba su kai ba. Babbar kyamarar salula tana ɗaukar faɗin sama kamar digiri 65 zuwa 70, saboda haka wannan gusawar ba ta wuce ƙwayar hoto biyu ko uku ba, wato ƴan mitsi-mitsin ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto, ido ba ya ma lura. Tauraron ɗan adam na ƙasa-ƙasa kuwa, irin tashar sararin samaniya ta ISS da ke nisan kilomita 400 tana kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya, yana iya cin digiri 5 ko fiye a waɗannan sakan 10. Shi ne ya ja maka layi. Lokacin ma ya dace: ba shi da fitila, hasken rana yake maidowa, shi ya sa aka fi ganinsa awa ɗaya zuwa biyu bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta.

Sai dai ka buɗe hoton sosai ka bi layin daga farko har ƙarshe. In kaurinsa ɗaya ne kuma fari fat, tauraron ɗan adam ne. In akwai ɗigogi ja ko kore a jere a gefensa, jirgin sama ne da fitilunsa masu ƙyaftawa. In ya fara siriri, ya yi kauri, ya sake sirancewa, kuma bai fito a hoton da ka ɗauka bayansa ba, mai yiwuwa tauraro mai faɗowa ne. Layin da ya yanke gaɓa-gaɓa daidai wa daida kada ya ruɗe ka, salular ce ta ɗauki hotuna da yawa ta haɗe su.

Babban ɗigon shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Sai a jawo shi har ya zama faifai mai zobba a ciki, a ce ga duniya an gani. Wannan faifan dushewar kyamara ce kawai, fitilar titi mai nisa ma haka za ta ba ka. Faɗin duniyar Mushtari a sama kusan kashi ɗaya ne cikin 40 na faɗin wata, bai cika ƙwayar hoto ɗaya ba a babbar kyamarar salula. Don haka siffa ba hujja ba ce, wuri da lokaci su ne hujja.

Duniyoyi ba sa kauce wa hanyar da rana da wata suke bi. Zara kuma ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, shi ya sa ake ganinta a yamma bayan magariba ko a gabas da asuba, ba a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Ɗigon da ya fi kowa haske a yamma a lokacin da ka faɗa, Zara za a fara zato, sannan Mushtari. Domin ka tabbatar, duba bayanan hoton ka samu rana da minti, ka buɗe Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, ka sa wurinka Tahoua, ka tabbata agogon yana kan UTC+1, wato lokacin Nijar, ka mayar da shi wannan minti. Kuskuren awa ɗaya yana karkatar da sama digiri 15, sai ka sa wa ɗigon sunan da ba nasa ba.

In babu manhaja, sake ɗaukar hoton bayan mako ɗaya daga wuri guda, a lokaci guda. Taurari za su riƙe tsarinsu, kamar yadda Kaza da Ƴaƴanta ba sa rabuwa. Zara kuwa takan gusa kusan digiri 1 a rana a tsakaninsu, a mako ta yi faɗin yatsu uku ko huɗu in ka miƙe hannu. Gajeren bidiyo ma yana taimakawa, domin tauraro yana ƙyalƙyali, hasken duniya kuma a tsaye yake, sai in ta sauka daf da ƙasa.

A lokacin hazon hunturu ƙananan taurari suna ɓacewa, ba ka da abin gwadawa da su, gara ka jira daren da sama ta washe. Ka kuma kauce wa fitila a cikin hoton, don tana haifar da ɗigo kore a ɗaya ɓangaren, wanda yake motsi duk sanda ka karkata salular.