"Ni" ko "ita": da wane zan rubuta taƙaitaccen bayani a kaina?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni akanta ce. An gayyace ni gabatar da maƙala a wani taron bita, sun ce in turo taƙaitaccen bayani a kaina. Ina kuma son gyara shafina na LinkedIn. Shin zan rubuta 'Ni akanta ce', ko kuwa in sa sunana in ce 'akanta ce', kamar wani ne ke ba da labarina? Na biyun yana mini kamar yabon kai."

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina cikin masu haɗa ɗan littafin da ake rabawa a taruka, wanda ake jera sunayen masu jawabi da bayanansu, don haka irin wannan rubutu ya sha ratsawa ta hannuna. Abin da nake fara dubawa guda ɗaya ne: idan rubutun ya isa inda za shi, daga bakin wa zai fito?

A taro, ba ke za ki karanta shi ba. Mai gabatarwa ne zai riƙe takarda ya karanta wa jama'a kafin ki hau mumbari, ko kuma a buga shi ƙarƙashin hotonki da sunan masu shirya taron. Bakinsu kika ara, saboda haka ki rubuta da sunanki da "ita". A LinkedIn kuwa kowa ya san ke kika buɗe shafin, ke kika cika shi. Wanda ya shigo yana jin kamar ya zauna gabanki ne, to a nan waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ki ce "ni".

Ban koyi wannan ta daɗi ba. A wani taro da muka shirya, wata likita ta turo nata da "ni" tun daga farko har ƙarshe, ni kuma na miƙa wa mai gabatarwa ban duba ba. Mutumin, dattijo da gemunsa, ya ɗauki makirufo ya fara: "Ni likitar mata ce..." Sai ya tsaya, zauren ya kwashe da dariya. Ya ci gaba yana juya kowane "na" zuwa "ta" a tsaye, yana tuntuɓe, har ya tsallake jimlar da ta fi muhimmanci, wadda ta faɗi abin da za ta yi magana a kai. Laifina ne, ba nata ba. Tun daga ranar, duk bayanin da ya zo hannuna sai na karanta shi da ƙarfi kamar ni ne zan gabatar da mai shi.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton cewa canza "na" zuwa "ta" kawai ake yi. Kowane salo akwai kayan da yake iya ɗauka da waɗanda ba ya iyawa. Bari in gwada miki da aikinki, na ƙirƙiri bayanan ne don misali, "Wance" kuma gurbin sunanki ne. Na taro:

"Wance akanta ce da ke aikin binciken kuɗi tun 2014. Ta jagoranci binciken asusun ƙungiyoyi masu zaman kansu fiye da 30, kuma tana horar da ƙananan 'yan kasuwa kan ajiye lissafi. Tana da digiri na biyu a fannin akanta. Yau za ta yi magana ne kan kurakuran da ake yi wajen rufe lissafin ƙarshen shekara."

Na LinkedIn:

"Aikina binciken kuɗi ne, tun 2014. Yawancin ƙungiyoyin da na duba asusunsu ba sata ce matsalarsu ba, rasit ne ba sa ajiyewa. Shi ya sa na koma horar da ƙananan 'yan kasuwa tun kafin lissafi ya rikice musu. Idan kuna fama da rufe lissafin shekara, ku aiko mini da saƙo."

Ki lura da abin da ya fita da abin da ya shigo. Digiri da adadin ƙungiyoyi sun zauna daidai a na farko, domin abubuwa ne da wani zai iya faɗa a kanki ya kuma tsaya a kansu. A na biyu na cire su, tunda akwai gurbin karatu da na ayyuka a ƙasan shafin, na sa dalili da ra'ayi a madadinsu. "Shi ya sa na koma horarwa" magana ce da ke kaɗai kike da ikon faɗa. Idan aka juya ta zuwa "tana da matuƙar sha'awar horarwa", sai ta zama fanko, don mai gabatarwa bai shiga zuciyarki ba. Haka ma gayyatar ƙarshe, "ku aiko mini da saƙo", ba ta da mazauni a salon "ita".

Game da tsoron yabon kai, gaskiyarki, an ce yabon kai jahilci. Amma ba "ita" ke kawo shi ba, sifofi ne. "Ƙwararriya", "fitacciya", "wadda ta yi zarra", waɗannan su ne ke sa mai karatu ya taɓe baki, musamman da ya san ke kika rubuta. Ki cire su, ki bar shekara, adadi, muƙami da sunan aiki. Waɗannan rahoto ne, ba kirari ba. Na kuma fi son "tun 2014" a kan "shekara kaza tana aiki", domin masu taro kan ajiye bayanin su sake amfani da shi bayan shekara biyu ba tare da sun tambaye ki ba.

Wani amfani na salon "ita" da ba a cika lura da shi ba: a Hausa "ya" da "ta" suna nuna jinsi nan take, kamar yadda yake a Turanci. Idan sunan mutum na iya zama na namiji ko na mace, bayanin da kansa yake tsare mai gabatarwa daga kuskure.

Tsawo kuma, in ba su faɗa ba, ki tsaya tsakanin kalma 50 zuwa 100 don taro, abin da za a karanta cikin ƙasa da minti ɗaya. Cikakken suna sau ɗaya a farko, daga nan "ta". Sashen About na LinkedIn yana ɗaukar harafi 2,600, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin a danna a buɗe sauran, don haka ki sa aikinki a jimlar farko. Gurbin bayanin kai a X, wato Twitter ta da, harafi 160 ne, a Instagram 150. Nan babu wurin "ni" ko "ita", sai dai "Akanta. Binciken kuɗi da horar da ƙananan 'yan kasuwa." Takardar neman aiki ta CV ma haka aka saba, ana yar da wakilin sunan. Wasiƙar da ke raka ta kuwa da "ni" ake yi, tunda ke za ki sa hannu.

Inda ake ɗan ruɗewa shi ne shafin ma'aikata na kamfani da bayanin marubuci a ƙarshen maƙala a mujalla. Kada ki yi dogon tunani, ki karanta na mutum uku da suka riga ki, ki bi sahunsu. Mafi yawa "shi" da "ita" za ki tarar.

Kafin ki tura na taron, ki bi shi layi-layi ki nemi gauraye. Shi ne kuskuren da na fi gyarawa: a fara da "Wance akanta ce", a jimla ta uku sai ga "ina kuma koyarwa", alamar an yanko daga wani wuri an manna. Sannan ki ba wani ya karanta miki da ƙarfi kina saurare. Duk jimlar da kika ji ta yi nauyi a bakinsa, ko kika ji kunyarta, ki cire ta ki kai ta LinkedIn ko ki yar.